Tuƙar Zuci: Kuskuren da Ya Wuce Amma Ya Ƙi Barin Mutum Barci

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

Muna gaishe da mutanen Ƙofar Ran da na Wunti da Jahun da Nasarawa da Ƙofar Dumi, da duk inda muryarmu ta kai a ciki da wajen ganuwar Bauchi. Shirin namu na yau a kan wata wahala ce da ba a ɗaure ta da bandeji, kuma mai ita ba ya cika faɗa. Mutum ya yi kuskure wata huɗu da suka wuce, ko shekara goma, magana ta mutu a wurin kowa, amma shi da ya sa haƙarƙarinsa a katifa sai abin ya dawo masa sabo fil. Ya ga wurin, ya ji muryar, kunya ta sake rufe shi. Ya juya dama, ya juya hagu, har ladan ya kira assalatu.

Masana halayyar ɗan Adam sun kwatanta wannan da tuƙar saniya, kuma kwatancen ya zauna. Saniya takan dawo da abin da ta haɗiye ta sake taunawa, sai dai ita tana samun abinci a ciki. Mai tuƙar zuci kuwa tauna yake yi ba ya haɗiye komai. Da wannan suna za mu riƙa kiran abin har ƙarshen shiri.

Don kada mu yi ta magana a iska, bari mu ɗauki misali guda mu bi shi. Misali ne kawai, ba wani takamaiman mutum muke nufi ba, ko da yake na san teloli da yawa za su ce da su ake. A ce ga wani tela mai shago a nan bakin titin Ƙofar Ran. Goman ƙarshe na azumi, ɗinki ya yi masa yawa, ya karɓi abin da ya fi ƙarfinsa domin ba ya iya ce wa mutane a'a. Wani Alhaji ya kawo shadda mai tsada yadi goma, a yi masa babbar riga da 'yar ciki da wando. A littafin awo akwai Alhazai biyu masu suna ɗaya, shafi na kallon shafi. Cikin dare, babu wuta, da fitilar waya a baki, telan ya duba shafin da ba shi ba ya sa almakashi. 'Yar ciki da wando suka fito da gajartar inci huɗu. Ranar jajiberin Sallah Alhaji ya zo ya gwada, ya ɗaga murya a gaban yaran shago da masu jiran kaya, ya ce masa shi ba tela ba ne, maɓarnaci ne. Ya kwashi kayansa ya tafi.

Yau wata huɗu ke nan. Telan yana cin abinci, yana buɗe shago, amma kullum dare sai ya sake kallon wannan fim. Me ya sa na yi haka? Me ya sa kullum ni? Wane irin mutum ne ni?

To me ke dawo da shi? Abu na farko da ya kamata mai sauraro ya sani shi ne, ƙwaƙwalwa ba ta son aikin da ba a ƙarasa ba. A shekarar 1927, wata masaniya mai suna Bluma Zeigarnik, tana karatu a Balin ta ƙasar Jamus, ta wallafa wani gwaji. Ta ba mutane ƙananan ayyuka, ta bar su suka gama wasu, wasu kuma ta katse su a tsakiya. Da ta tambaye su daga baya, sai ta ga ayyukan da aka katse sun fi zama musu a rai. Masu bincike na baya sun yi ta gardama a kan ƙarfin wannan sakamako, amma ainihin abin kowa ya san shi a jikinsa: bashin da ka biya kakan manta ranar da ka biya shi, wanda ba ka biya ba kuwa yana nan yana leƙo ka. A wurin ƙwaƙwalwar telanmu, maganar Alhaji ba ta rufu ba. Ba a biya ba, ba a ba da haƙuri ba, ba a san ko zai dawo ba, ba a san abin da yake faɗa a majalisa ba. Saboda haka take ta tura masa takardar tuni.

Sai kuma lokacin da takardar take zuwa. Kun lura ba ta zuwa sa'ad da yake saka zare a allura ko yake ciniki da mai sayen hula? Sai ya kwanta, ko yana wanka, ko yana zaune a bayan Keke Napep. A shekarar 2001 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Marcus Raichle, da abokan aikinsa suka bayyana cewa akwai wasu sassan ƙwaƙwalwa da sukan ƙara himma daidai lokacin da mutum ya ajiye aiki. Abin da waɗannan sassa suka fi yi shi ne tunanin kai: abin da na yi jiya, abin da zai same ni gobe, yadda mutane suke kallona. Wannan ba cuta ba ce, kowa da shi aka halicce shi, kuma da shi muke tsara rayuwa. Amma in akwai maganar da ba ta rufu ba, ita ce take fara shiga layi da zarar hannu ya huta. Ga dare ba abokin hira, ga gajiya ta rage wa mutum ƙarfin juya hankalinsa. Shi ya sa abin da yake ƙarami da hantsi yakan zama dutse da ƙarfe uku na dare.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe, domin a nan ne zuciya take yi wa mutum rashin adalci. Telanmu yana cewa, ai a fili yake, suna biyu iri ɗaya, ko yaro ya san a duba. A fili yake yau. A daren da ya yanka shaddar ba a fili yake ba.

Wani masani, Baruch Fischhoff, da abokiyar aikinsa Ruth Beyth sun gwada wannan. Kafin shugaban Amurka Richard Nixon ya yi tafiyarsa zuwa Sin da Tarayyar Sobiyat a 1972, sun tambayi ɗalibai su ƙiyasta yiwuwar abubuwa daban-daban da za su iya faruwa a tafiyar. Bayan an dawo, sai suka ce kowa ya tuno abin da ya ƙiyasta. Mafi yawansu suka tuno cewa sun ba abin da ya faru rinjaye fiye da yadda suka ba shi a zahiri. Ba ƙarya suke yi da gangan ba. Sanin ƙarshen labari ne ya koma baya ya gyara musu tunaninsu na farko ba tare da sun ji ba.

Mu a unguwar nan ba ma buƙatar zuwa Amurka neman misali. Ga kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa nan kusa da mu. Wanda duk ya san abin da ya faru ranar 15 ga Janairun 1966, in ya waiwaya sai ya ga alamu birjik, ya ce yaya aka yi ba a gani ba? Amma a cikin makon nan ne Firayim Minista ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashen renon Ingila a Legas, ana taro a kan rikicin Rodeshiya. Wanda yake cikin kwanakin yana ganin abubuwa ɗari a gabansa, bai san wanne ne a cikinsu tarihi zai ja wa layi ba. Mu da muka zo daga baya an riga an ja mana layin. Hausawa sun gama magana da suka ce da-na-sani ƙeya ce.

Haka telanmu. Mutumin da yake yanke masa hukunci da ƙarfe uku na dare ya ƙoshi, ya yi barcin jiya, ya san ƙarshen labari. Wanda ake yanke wa hukuncin kuwa ya kwana biyar bai yi barcin kirki ba, ya wuni da azumi, ga ɗinki tuli a gabansa, ga duhu. Wannan bai wanke shi daga kuskure ba, shadda dai ta ɓaci kuma shi ya ɓata ta. Amma akwai tazara mai nisa tsakanin "na yanka bisa awon da ba shi ba a daren da na gaji" da "ni maɓarnaci ne". Ta farko magana ce a kan dare ɗaya, ana iya gyara ta. Ta biyu hukunci ne a kan mutum sukutum, kuma babu abin da za a yi da ita sai a yi ta juya ta.

Wataƙila wani ya ce, to ai tunanin kuskure shi ne hankali, wanda ba ya nadama ai ba mutum ba ne. Gaskiya ne, kuma wannan ne ya sa tuƙa take da wuyar bari: tana sanye da rigar neman mafita. Mai yin ta yana jin kamar aiki yake yi, kamar in ya sake juya maganar sau ɗaya zai gane bakin zaren. Marigayiya Susan Nolen-Hoeksema, wadda ta shafe rayuwarta tana nazarin wannan hali, ta nuna akasin haka. Ta auna yanayin wasu ɗaliban jami'ar Stanford makonni biyu kafin girgizar ƙasar da ta auka wa yankin San Faransisko a watan Oktoban 1989, ba tare da ta san girgizar na tafe ba. Da ta sake bibiyarsu bayan kwana goma, da kuma bayan mako bakwai, sai ta ga waɗanda dama suke da halin zama su yi ta juya damuwarsu sun fi sauran nuna alamun baƙin ciki mai nauyi. Girgiza ɗaya ce ta same su duka, yadda kowa ya riƙe ta a ransa ne ya bambanta. Wasu gwaje-gwajen nata kuma sun nuna cewa wanda yake cikin ɓacin rai, in aka sa shi tuƙa na 'yan mintoci, dabarun da yake kawowa na warware matsala sukan fi rauni, kuma tsofaffin abubuwan baƙin ciki sukan fi saurin zuwa masa. Shi ya sa telanmu yakan fara da shaddar Alhaji, kafin asuba ya isa kan jarrabawar da ya faɗi yana saurayi da maganar da ya gaya wa mahaifinsa shekara ashirin da suka wuce.

Ga ma'aunin da za ka gane wanne kake yi. Bayan ka yi minti goma kana tunanin abin, tambayi kanka: na samu wani abu sabo da ban sani ba ɗazu? Akwai abin da zan tashi in yi? In amsar duka biyun a'a ce, kuma jikinka ya fi ɗazu nauyi, to ba nazari kake yi ba.

(Kiɗa, sannan mai gabatarwa ya dawo)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan tuƙar zuci, yadda tsohon kuskure yake ta dawo wa mutum. Bari mu shiga magani, mu fara da wanda kowa yake bayarwa kuma ba ya aiki: "Ka cire abin a ranka." Iyaye suna faɗa, abokai suna faɗa, da kyakkyawar niyya. A 1987 wani masani, Daniel Wegner, ya zaunar da mutane ya ce na minti biyar kada su yi tunanin farar beyar, wato dabbar nan ta ƙasashen ƙanƙara, kuma duk sa'ad da ta faɗo musu a rai su kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa. Da aka sake su daga baya aka ce yanzu su yi tunaninta, sai suka yi fiye da waɗanda ba a taɓa hana su ba. Dalilin ba shi da wuyar ganewa: in za ka tsare ƙofa kada wani ya shigo, dole ka riƙe kamanninsa a ranka. Amma a cikin aikin nasa akwai wani abu da ba a cika ambata ba. Waɗanda aka ba su abu guda takamaimai su mayar da hankali a kai, wata jar mota, ba su sami wannan dawowar mai ƙarfi ba. Ke nan ba a korar tunani da faɗa, sai dai a ba hankali wani wurin zama.

Wurin zama na farko, kuma a ganina mafi amfani a duk abin da za mu faɗa yau, shi ne sauya tambaya. Farfesa Edward Watkins na jami'ar Exeter a Ingila ya gina hanyar jinya sukutum a kan wannan. Ya lura cewa masu tuƙa tambayarsu "me ya sa" ce: me ya sa ni, me ya sa na kasa, me wannan yake nufi game da ni. Irin wannan tambaya ba ta da ƙasa, kowace amsa tana haifar da wata. Waɗanda suke fita daga damuwa kuwa tambayarsu "yaya" ce: yaya abin ya faru, daki-daki, a ina, da ƙarfe nawa, mene ne ya zo kafin mene ne, kuma wane mataki ne na gaba.

Bari mu zaunar da telanmu mu gwada. A ce ya je wurin maigidansa da ya koya masa ɗinki, dattijo ya ce masa: "Kai yaro, bar gaya mini kai wane iri ne, ni na raine ka. Gaya mini daren." Sai ya fara. Ƙarfe nawa? Wajen ɗaya da rabi. Wa ya ɗauko littafin? Ni. Me aka rubuta a saman shafin? Suna kawai, ba lambar waya, ba unguwa. Shaddar tana da wata alama a jikinta? Babu, a leda take tare da wasu uku. Kaya nawa ka karɓa a goman nan? Kusan ninki biyu na abin da na saba. Me ya ɓaci? 'Yar ciki da wando, babbar rigar lafiyarta lau. "To, Baba," in ji telan, "ashe ba yadi goma na ɓata ba." Wata huɗu yana cewa ya lalata shaddar Alhaji, bai taɓa tsayawa ya lissafa cewa wajen rabinta ne ba, domin tuƙa ba ta lissafi, jimla take yi.

Kun ga abin da ya fito? Ramuka uku, kowanne da murfinsa. Suna ba lamba: daga yau kowane awo da lambar wayar mai shi, kuma a yanki 'yar takarda a maƙala ta da fil a jikin yadin tun ranar da aka karɓa. Yanka cikin dare: ɗinki yana iya kai wa asuba, amma almakashi ba ya taɓa yadi mai tsada bayan sha biyun dare, domin ɗinki ana farke shi, yanka ba a mayar da shi. Karɓar abin da ya fi ƙarfi: ranar sha biyar ga azumi a rufe karɓar kaya, ko wane ne ya zo. Wannan shi ne darasin da ƙwaƙwalwa take ta nema tun farko. Ta samu.

Saura haƙƙin Alhaji, kuma a nan ilimin zamani da abin da malamanmu suke karantarwa a zaure sun haɗu. Sharuɗɗan tuba sanannu ne: nadama, da barin aikin, da ƙudurin ba za a koma ba, in kuma akwai haƙƙin wani a mayar masa ko a nemi yafewarsa. Ku duba da kyau, nadama ɗaya ce cikin huɗu, kuma ita ce ƙofar shiga. Mai tuƙa ya tsaya a bakin ƙofa ya shimfiɗa tabarma. Akwai kuma hadisi a cikin Sahihu Muslim da ya hore mu da barin faɗin da na yi kaza da kaza ya faru, domin wannan "da" tana buɗe wa Shaiɗan ƙofar aiki. Kafin wannan horon, hadisin da kansa ya umarci mutum ya yi kwaɗayin abin da zai amfane shi, ya nemi taimakon Allah, kada ya gajiya. Saboda haka telanmu zai rubuta: ranar Juma'a bayan an sauko, ni da Baba za mu je gidan Alhaji, zan ba shi haƙuri, zan ce zan sayi yadi biyar irin nasa in ɗinka kyauta, kuɗin kuma zan tara su cikin wata uku.

Abin mamaki, sauƙi yakan fara tun kafin Juma'ar ta zo. Masu bincike biyu, Masicampo da Baumeister, sun nuna a 2011 cewa aikin da ba a gama ba yakan rage kutsowa cikin tunani da zarar mutum ya tsara takamaiman lokaci da wuri da yadda zai yi shi, ko da bai yi ba tukuna. Sharaɗin shi ne tsarin ya zama na gaske. "Zan nemi Alhaji wata rana" ba tsari ba ne, tuƙa ce ta sake riga.

In Alhaji ya ƙi haƙura fa? Yana iya ƙi, wannan nasa ne. Telan ya sauke abin da yake wuyansa. In kuma wanda aka yi wa laifin ya riga mu gidan gaskiya, kamar mai tuna maganar da ya gaya wa mahaifiyarsa, hanyar ba ta toshe ba: akwai addu'a, akwai sadaka a madadinta, akwai kyautata wa 'yan uwanta da ƙawayenta, akwai biyan magada in dukiya ce. A sa wa abin rana da adadi, ya zama aikin da ake yi a gama.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Kada in yaudare ku, ko bayan an yi duk wannan tunanin zai dawo, domin ya riga ya zama sabo, kuma sabo ba ya mutuwa rana ɗaya. A nan ne wata dabara da Thomas Borkovec da abokan aikinsa suka fito da ita a 1983 take shigowa: a yanka wa damuwa lokacinta. Ka zaɓi lokaci guda kullum, su sun yi amfani da rabin awa, mutane da yawa kuma minti goma sha biyar yakan ishe su. Bayan la'asar ya dace. Kada ya zama dab da barci, kada kuma ya zama a kan gado. Ka zauna da takarda da biro, ko ka yi da baki in rubutu ba ya yi maka, da boko ko da ajami duk ɗaya ne. In tunanin ya zo da hantsi kana kan keke, ba za ka kore shi ba, ba kuma za ka bi shi ba. Sai ka ce, na gan ka, sai bayan la'asar, ka mayar da idonka kan bakin allura. Zai dawo bayan minti biyu, ka sake gaya masa. Kwanakin farko za ka faɗa har ka gaji, wannan ba alamar gazawa ba ce, haka horon yake. Abin da mutane da yawa suke tararwa shi ne, in la'asar ɗin ta yi, rabin abin da ya tayar musu da hankali da safe ya riga ya huce.

In kuma ya riga ya kama ka, ka yi nisa a ciki, to jiki ne zai fitar da kai, ba wani tunanin ba. Tashi daga inda kake. Yi alwala da ruwa mai sanyi. Taka da ƙafa daga Ƙofar Ran ka nufi Wunti, kana lura da abin da idonka yake gani da abin da kunnenka yake ji, mai masa tana juya tanda, mai faci yana buga taya. Aikin da za ka zaɓa ya zama mai cin hankali: karatun Alƙur'ani da murya kana bin hukuncin tajwidi, lissafin cinikin mako, koya wa yaro darasi. Shara da wanke-wanke su kaɗai ba su cika isa ba, domin hannu yana yi zuciya tana can. Latsa waya kuwa, a nawa ganin, shi ne mafi rauni duka, musamman cikin dare: yana hana barci, kuma ba a rasa abin da zai tuna maka da inda ka baro. In ka kwanta ka kai kamar minti ashirin ido biyu, tashi ka zauna a wani wuri da haske kaɗan har barci ya zo, kada gado ya saba da zama kotu. Mai wannan matsala kuma ya rage shayi mai kauri da goro da kofi daga la'asar zuwa dare.

Wata 'yar dabara da Ethan Kross da abokan aikinsa suka gwada a 2014 ita ce mutum ya kira kansa da sunansa, kamar yana yi wa ƙaninsa magana. In sunanka Sani, maimakon "na shiga uku", ka ce "Sani, me ya faru, me za ka yi yanzu?" Kamar wasa, amma tana ba da 'yar tazara, kuma duk mun san mun fi iya ba wani shawara fiye da kanmu.

Iyayenmu mata da 'yan uwanmu mata, ga taku ta musamman. Binciken Nolen-Hoeksema ya nuna mata sun fi maza faɗawa tuƙa, kuma akwai wani nau'inta da ake yi mutum biyu. Ki kira aminiyarki ki ba ta labarin abin da kika faɗa a gidan biki, ta ce kash, ki sake ba ta gobe, ta ƙara miki da abin da wance ta ce, a yi wata guda ana kan magana ɗaya. Zumunci yana ƙaruwa, damuwa ma tana ƙaruwa. Ba a ce a daina faɗa wa juna ba, faɗar tana da amfani. Amma ke aminiya, in kin ji labarin sau biyu, a na uku ki ce: "Yaya, na ji, kuma na san ya yi miki zafi. Yanzu me za mu yi? In raka ki gidanta ne?" Maza ma kada ku yi murmushi, ku taku takan ɓuya ne a shiru da faɗa a gida, wani kuma ya nemi mafaka a ƙwaya ko maganin tari mai sa maye. Wannan yakan kashe tunanin na 'yan awoyi, ya dawo da shi da safe tare da sabon abin nadama.

Dabarun nan suna da iyaka, kuma wajibi ne a san ta. In mutum ya kai mako biyu kusan kullum cikin baƙin ciki, abin da yake jin daɗinsa da ya daina yi masa daɗi, barci da cin abinci sun rikice, ya kasa fita sana'a, yana jin shi ba shi da amfani, wannan ya wuce tuƙa, ciwon damuwa ne kuma yana da magani. Haka mai jegon da ta shiga irin wannan hali bayan haihuwa. In abin da yake dawowa hatsarin mota ne ko hari ko wani tashin hankali, yana zuwa kamar yanzu yake faruwa, da mugun mafarki da firgita, wannan ciwo ne daban, kuma kada a tilasta wa mai shi ya yi ta ba da labarin daki-daki a gida kamar yadda muka yi da tela, aikin ƙwararru ne. In kuma waswasi ne yake sa mutum maimaita alwala ko salla har lokaci ya fita, shi ma likitoci sun san shi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke nan cikin gari yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ana iya farawa daga asibitin unguwa a nemi a tura mutum. Addu'a da zuwa asibiti ba kishiyoyi ba ne, a haɗa su.

Wanda kuwa tunaninsa ya kai ga cewa gara ya mutu, ko ya fara tunanin cutar da kansa, ba a jira mako biyu. A ranar zai gaya wa wani na kusa, a ranar za a kai shi asibiti. Wanda aka gaya wa kada ya yi masa faɗa ko ya tsaya yi masa wa'azin wuta, kada ya bar shi shi kaɗai, kuma ya kawar da maganin ƙwari da fiya-fiya da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, har a isa wurin likita.

Lokaci ya cim mana. A madadin wanda ya haɗa mana sauti da sauran ma'aikatan wannan shiri, sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)